Aminu da Amina harafi ɗaya ya raba su: yadda ake farautar sunan da aka rubuta sau biyu a jerin abokan ciniki

Mu ɗauki wani dillalin takin zamani da ke ba manoma kaya bashi, su biya bayan kaka. Yana da yaran shago uku, kowa da irin hannunsa, kuma shekara huɗu ke nan suna shigar da sunayen masu karɓa a kwamfuta. Jerin ya kai layi dubu huɗu. Dillalin ya san mutanen da yake hulɗa da su ba su kai haka ba, domin akwai wanda aka rubuta shi sau biyu ko sau uku, kowane karo da rubutu daban. Kwamfuta kuwa ba ta san wannan ba. Idan ka tambaye ta ko “Usman” da “Usamn” abu ɗaya ne, a'a za ta ce maka, irin a'ar da za ta ce idan ka haɗa mata “Usman” da “Ladi”. A wurinta ko dai sun zo daidai harafi da harafi, ko kuma ba su zo ba.

Abin da ake bukata shi ne ma'aunin da zai ce wannan a'ar ƙarama ce, waccan kuma babba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana iya kiran sa tazarar gyara, wato mafi ƙarancin gyare-gyaren da za ka yi wa wata kalma har ta koma wata. Gyara iri uku ne kawai aka yarda da su: ka ƙara harafi, ka cire harafi, ko ka musanya harafi da wani. Kowane gyara ɗaya ne a lissafi. Daga Hasan zuwa Hassan gyara ɗaya, an ƙara s. Daga Muhammad zuwa Mohammed gyara biyu, u ta koma o, a ta ƙarshe ta koma e. Daga Aisha zuwa Aishatu biyu. Wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, shi ya tsara wannan ma'auni a 1965, kuma ba sunayen mutane ne a gabansa ba, yana nazari ne a kan saƙonnin lambobi da ke lalacewa a hanya. Daga baya aka ga ya dace da rubutu, sunansa ya bi ma'aunin har yau.

Kalmar “mafi ƙaranci” ita ce ke da wahala. Da ido mutum zai ga Musa da Moussa tazararsu biyu ce, amma kwamfuta sai an ba ta hanyar da za ta tabbatar babu wata gajeriya. Hanyar da aka saba bi, wadda ake danganta wa Wagner da Fischer tun 1974, ita ce cika jadawali. Ana jera haruffan suna ɗaya a sama, na ɗayan a gefe. Kowane gurbi yana amsa ƙaramar tambaya: daga farkon wannan suna zuwa wannan harafi, gyara nawa ake bukata don a kai farkon wancan zuwa wancan harafi?

```
      m  o  u  s  s  a
   0  1  2  3  4  5  6
m  1  0  1  2  3  4  5
u  2  1  1  1  2  3  4
s  3  2  2  2  1  2  3
a  4  3  3  3  2  2  2
```

Layin sama da na gefe ba su da wuya, domin daga babu zuwa haruffa uku sai ka ƙara uku. Sauran guraben kuwa kowanne maƙwabtansa uku yake duba: na samansa, na hagunsa, da na kusurwar da ke tsakaninsu. Idan haruffan biyu da suka haɗu a gurbin iri ɗaya ne, sai a kwafo lambar kusurwa yadda take, don babu abin gyarawa. Idan sun bambanta, a ɗauki mafi ƙanƙanta a cikin maƙwabtan uku a ƙara ɗaya. Duba inda u ta gefe ta haɗu da o ta sama: a sama akwai 1, a hagu akwai 1, a kusurwa akwai 0, don haka gurbin ya zama 1. Haka za a yi ta tafiya har gurbin ƙarshe na ƙasa a hannun dama, wanda shi ne amsa, 2. Babu mai yin wannan da hannu a aiki, amma ya kamata a taɓa cika shi ko sau ɗaya, domin daga nan mutum zai gane cewa ma'aunin bai san komai game da suna ba. Bai san lafazi ba, bai san namiji da mace ba, haruffa kawai yake ƙirgawa. A manhajar Python layi biyu ne:

```python
from rapidfuzz.distance import Levenshtein
Levenshtein.distance("musa", "moussa")   # 2
```

Akwai gyara na huɗu da Levenshtein bai sa a nasa ba, wato haruffa biyu maƙwabta su yi musayar wuri, kamar yadda Usman ya zama Usamn. Wannan kuskuren mai buga allon rubutu da sauri ne, yatsa ɗaya ya riga ɗan'uwansa sauka. A lissafin Levenshtein gyara biyu ne. Fred Damerau na kamfanin IBM ya rubuta tun 1964 cewa fiye da kashi tamanin cikin ɗari na kurakuran rubutun da ya bincika kuskure ɗaya ne tak daga cikin waɗannan huɗu, kuma nau'in ma'aunin da ke ɗauke da sunayensu biyu yana lissafa musayar wuri a matsayin gyara ɗaya. Idan jerinka da hannu aka buga shi, wannan nau'in ya fi maka.

To, nawa ne kusa, nawa ne nesa? Mai fara koyo yakan ce duk abin da bai wuce biyu ba a ɗauke shi abu ɗaya. Ali da Aliyu tazararsu biyu, madalla. Sai dai Ali da Ado ma biyu ce, Isa da Musa ma biyu. Gyara biyu a suna mai haruffa uku ya kusa canza shi gaba ɗaya, a suna mai haruffa ashirin kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa ake raba tazarar da tsawon sunan da ya fi tsayi, a cire sakamakon daga ɗaya, sai a sami makin kamanni tsakanin 0 da 1.

```
kamanni = 1 - tazara / max(len(a), len(b))
```

Da wannan, Ali da Ado sun sami 0.33, Ali da Aliyu 0.60, Muhammad da Mohammed 0.75. Abin ya fara yin ma'ana. Sai a sa iyaka, a ce misali duk biyun da makinsu ya kai 0.85 a fito da su a duba. Yawancin bayanai a nan suke tsayawa, kuma daga nan ne rikicin yake farawa ga wanda jerinsa na sunayen Hausawa ne.

Ga layi bakwai daga littafin dillalinmu:

```
014  Alh. Muhammad Sani Bello
233  Mohd Sani Bello
391  Aminu Sani Bello
402  Amina Sani Bello
577  Usman Ɗahiru
580  Usamn Dahiru
912  Ousmane Dahirou
```

A ce mun san gaskiyar lamari: 014 da 233 mutum ɗaya ne, 577 da 580 da 912 ma mutum ɗaya ne, wani manomi da ke zuwa daga ƙetaren iyaka wanda wata rana ya nuna takardarsa ta Nijar aka kwafi sunan yadda yake a kai. Aminu da Amina kuwa ƙannen Muhammad ne, kowa da gonarsa da bashinsa. Yanzu mu mayar da komai ƙananan haruffa mu auna ba tare da wani shiri ba. Layi na 014 da na 233 tazararsu goma ce a cikin haruffa 24, maki 0.58. Na 577 da 580 tazara uku, biyu saboda musayar wuri, ɗaya saboda ɗ mai lanƙwasa, maki 0.75. Na 577 da 912 tazara huɗu, maki 0.73. Aminu da Amina kuwa harafi ɗaya a cikin goma sha shida, maki 0.94. Wato da iyakar 0.85, abu ɗaya tak kwamfuta za ta kawo maka, kuma shi ne wanda bai kamata a haɗa ba. Waɗanda ake nema duk sun zille.

Ba ma'aunin ne ya yi kuskure ba. An tambaye shi haruffa, ya ba da amsar haruffa. Damerau ya yi nazarinsa ne a kan kalmar da ke da ingantaccen rubutu guda ɗaya, wanda duk ya kauce masa ya yi kuskure. Sunayenmu ba haka suke ba. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Mahamadou, Mamman, Mohd, babu kuskure ko ɗaya a cikinsu, kowanne rubutu ne da wani ya saba da shi, ko wanda wata makaranta ko ofis ya sa masa a takarda. A ɗaya ɓangaren kuma muna da sunaye masu yawa da harafi ɗaya ne ke raba mutum da mutum: Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, Nasiru da Basiru, sai tagwaye, Hassan da Hassana, Husaini da Husaina, waɗanda uba ɗaya ne, gida ɗaya, sau da yawa ma lambar waya ɗaya. Bambancin da ba shi da ma'ana yana cin haruffa da yawa, mai ma'ana kuma yana cin ɗaya. Duk aikin da za a yi daga nan ƙoƙari ne na juya wannan.

Mataki na farko shi ne wanke jerin kafin a auna. A mayar da komai ƙananan haruffa, a cire ɗigo da fili mai yawa. A daidaita haruffa masu lanƙwasa, domin yaron shago ɗaya yana da su a wayarsa, ɗayan ba shi da su. A nan akwai tarko da ke kama masu shirya manhaja: hanyar da aka saba bi wajen cire alamar da ke kan harafi, wadda ke mayar da é ta Faransanci zuwa e, ba ta taɓa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, saboda a tsarin Unicode kowanne harafi ne mai zaman kansa, ba d ba ne da aka ɗora wa ado. Dole ka rubuta musanyar da kanka. Haka nan alamar da ke cikin Sa'adu da Mu'azu da A'isha tana da siffofi fiye da ɗaya da ido ba ya rarrabewa, kwamfuta kuwa tana ganin kowacce daban, gara a cire su duka.

```python
t = str.maketrans("ɓɗƙƴ", "bdky", "'’ʼ.")
def wanke(s):
    return " ".join(s.lower().translate(t).replace("ou", "u").split())
```

Wannan ou da aka mayar u don rubutun Nijar ne, inda ake bin ƙa'idar Faransanci. Bayan wanki, Ousmane Dahirou ya koma “usmane dahiru”, tazararsa da “usman dahiru” ta sauko daga huɗu zuwa ɗaya, maki 0.92. Layi na 580 ma, da aka sauke lanƙwasa aka kuma yi amfani da nau'in Damerau, ya sami 0.92. Biyu sun shigo raga ke nan. Abin lura, kwafi ake wankewa, ainihin sunan a bar shi yadda mai shi yake rubutawa. Ɗahiru ba zai ji daɗi ba idan rasidinsa ya fara zuwa da Dahiru don kawai kwamfuta ta fi jin sauƙin haka.

Sai laƙaban girmamawa: Alhaji, Alh., Hajiya, Haj., Malam, Mal. Kalmar “alhaji” da filin da ke bayanta gyara bakwai ne, sun isa su nutsar da kowane suna. A cire su, amma da hankali, domin akwai waɗanda Alhaji ne sunan da aka san su da shi tun suna yara. Ni dai ƙa'idata ita ce a cire laƙabin idan har kalmomi biyu za su rage bayansa. “Alhaji Sani Bello” ya koma “Sani Bello”, amma “Alhaji Bello” a bar shi.

Bayan an cire Alh., layi na 014 da na 233 sun hau zuwa 0.74, har yanzu ƙasa da iyaka. Mutum zai ce to a sauke iyakar zuwa 0.70 mana. Gwada ka gani. “Mohd Sani Bello” da “Aminu Sani Bello” makinsu 0.75 ne, ya ɗara na ainihin biyun da muke nema, duk da Mohd da Aminu ba su da wata alaƙa ta rubutu sai m guda. Dalili shi ne sunan uba da na kaka sun cinye haruffa goma sha ɗaya, kuma iri ɗaya ne ga duk 'ya'yan gidan. Muddin ana auna cikakken suna a dunƙule, kowane gida mai 'ya'ya da yawa zai fito kamar mutum ɗaya da aka yi ta kuskuren rubutawa. Babu wata iyaka da za ka sa wadda za ta kama Muhammad da Mohd ta bar Mohd da Aminu.

Mafita biyu ce, kuma tare suke tafiya. Ta farko, a daina auna sunan a dunƙule, a raba shi kalma-kalma, sunan yanka da sunan yanka, na uba da na uba, sannan a ɗauki mafi ƙarancin maki a cikinsu maimakon matsakaici. Mohd da Aminu su kaɗai makinsu 0.20 ne, sun faɗi nan take, komai kamannin sauran. Ta biyu, a rubuta jadawalin sunayen da aka san ɗaya ne, a mayar da kowanne ga uwarsa kafin a auna. Wannan ba aikin lissafi ba ne, aikin wanda ya san mutane ne. Tazarar Abubakar da Garba shida ce a cikin haruffa takwas, babu ma'aunin haruffan da zai haɗa su, amma kowane Bahaushe ya san ana ce wa Abubakar Garba, ana ce masa Habu, kamar yadda ake ce wa Usman Shehu, Abdullahi Audu, Ibrahim Iro, Fatima Binta, Hauwa Kulu, A'isha Indo. Ina ganin awa biyu da za a zauna da tsofaffin yaran shago a tattara irin waɗannan sun fi mako guda ana juya lambar iyaka sama da ƙasa. Sai dai a raba jadawalin gida biyu. Mohd da Muhammad bambancin rubutu ne, ana iya haɗa su kai tsaye. Garba da Abubakar kuwa laƙabi ne, yana iya zama shi ne, yana iya zama wani ne daban wanda Garba ne a duk takardunsa, don haka alamar a duba kawai za a sa musu.

Aminu da Amina ko an auna su kalma-kalma makinsu 0.80 ne, suna nan kusa. Su sai an kafa musu doka ta musamman: idan bambancin sunayen yanka biyu shi ne kawai ɗaya ya ƙare da u ɗayan da a, ko an ƙara a a ƙarshe kamar Hassan da Hassana, kada a ɗauke shi ƙaramin gyara. Akasin haka, u da ake ƙarawa a ƙarshen suna, Umar da Umaru, Bashir da Bashiru, Yusuf da Yusufu, kusan kyauta ya kamata a lissafa ta. Levenshtein ya sa wa kowane gyara kuɗi ɗaya ne saboda a saƙon lambobi babu dalilin fifita wani. A sunaye akwai dalili.

Akwai wata dabara da ake yawan ba da shawara a kai wadda nake ɗari-ɗari da ita, wato a jera kalmomin suna bisa tsarin abacada kafin a auna, don a kama wanda aka rubuta sunansa a juye. Matsalar da take magancewa gaskiya ce. “Sani Musa” da “Musa Sani” tazararsu takwas ce a cikin haruffa tara, ma'aunin yana ganin su kamar ba su taɓa haɗuwa ba, alhali fom ɗin banki da na makaranta sun koya wa mutane fara rubuta sunan uba. A inda ake da sunan zuriya da ba ya zama sunan yanka, dabarar ba ta da illa sosai. A wurinmu sunan uba sunan yanka ne na wani. Musa Sani yana iya zama Sani Musa a juye, yana iya zama wani can daban, yana ma iya zama ɗan Sani Musa ɗin da aka sa wa sunan kakansa. A yi amfani da ita don fito da su a duba, amma kada a ba su cikakken maki kamar an gama magana.

Ko tazara ta zama sifili ma ba a gama magana ba. Layi biyu masu “Muhammad Sani” a jerin mutum dubu huɗu ba abin mamaki ba ne su zama mutum biyu, ko biyar. Suna mai wuyar samu idan ya zo sau biyu da ɗan bambanci, shaida ce mai ƙarfi. Sunan da ke kowane lungu ko ya zo daidai, shaida ce mai rauni. Don haka suna shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da lambar waya, ƙauye ko unguwa, da wanda ya tsaya wa mutum. Masana ƙididdiga biyu a Kanada, Ivan Fellegi da Alan Sunter, sun tsara wannan tun 1969, kuma abin da ya fi amfani a tsarinsu shi ne ba gida biyu suka raba sakamako ba, uku ne: waɗanda tabbas ɗaya ne, waɗanda tabbas daban ne, da na tsakiya da sai mutum ya duba. Ga ɗan kasuwa mai layi dubu huɗu, ni zan matse gidan farko ƙwarai, suna ya zo daidai bayan wanki, waya ta zo daidai, ƙauye ya zo daidai. Sauran duk su tafi gidan tsakiya.

Dalilin wannan tsanani shi ne kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan kwamfuta ta kasa gano cewa 577 da 912 mutum ɗaya ne, abin da zai faru shi ne manomin zai iya karɓar taki sau biyu ya wuce iyakar bashin da aka yanka masa, kuma ana iya ganowa a gyara daga baya. Idan kuwa aka haɗe Aminu da Amina aka goge layi ɗaya, bashin wa ya hau kan ƙanwa, kuɗin da ta biya ya shiga lissafinsa, kuma bayan wata shida babu wanda zai iya tuna wane buhu na wa ne. Rigima ce da ke iya kai wa gaban mai unguwa.

Daga nan sai batun sarƙa, wanda shi ne ke yin ɓarna mafi girma idan an bar kwamfuta ta haɗa da kanta. Nasiru da Basiru tazara ɗaya. Basiru da Bashiru ɗaya. Bashiru da Bashir ɗaya. Idan dokarka ita ce duk wanda ya yi kama da wani a cikin rukuni ya shiga rukunin, Nasiru da Bashir za su kwana a ɗaki ɗaya, alhali tazararsu uku ce, kuma da a ce su biyu kawai aka auna da ba su haɗu ba. Alamar da ke nuna hakan ya faru a bayyane take: ka jera rukunonin daga mafi girma, idan ka ga na sama yana da mutum talatin ko arba'in, ba wani manomi aka rubuta sau arba'in ba, sarƙa ce ta ja. Maganinta shi ne a tabbatar kowane ɗan rukuni ya yi kama da kowa a ciki, ba da maƙwabcinsa kaɗai ba.

Batun yawan aiki ba zai ɗauke mu lokaci ba. Auna kowa da kowa a layi dubu huɗu yana nufin gwaji 7,998,000, abin da kwamfutar ofis za ta gama ba tare da wahala ba. A dubu goma ya zama 49,995,000, a miliyan ɗaya kuma ya kusa biliyan ɗari biyar. A nan dole a raba jerin gida-gida a auna 'yan gida ɗaya kawai, misali bisa ƙaramar hukuma ko lambobin ƙarshe na waya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne rabawa bisa harafin farko, duk da shi aka fi yi, domin zai jefa Ousmane da Usman gida daban idan ba a wanke su ba, Khadija da Hadiza kuwa ko an wanke, kuma ba za a taɓa auna su ba balle a gano. Idan dole ne, a raba ta hanyoyi biyu ko uku daban-daban a haɗa abin da kowacce ta samo.

Ita kuma iyakar makin, babu lambar da ta dace da kowane jeri, sai an gwada. Bayan wanki da jadawalin sunaye, a jera sakamakon daga maki mafi girma, a ɗebi hamsin daga waɗanda suka haura 0.90, hamsin daga 0.80 zuwa 0.90, hamsin daga 0.70 zuwa 0.80, a ba yaron shagon da ya fi daɗewa ya ce wannan shi ne, wannan ba shi ba ne. Inda aka ga yawancin abin da ke fitowa ya zama shara, nan ne iyaka. Wannan gwajin yana nuna shara nawa ke shigowa, amma ba ya nuna nawa suka zille, tun da wanda bai fito ba ba a gan shi ba. Don auna wancan ɓangaren sai a biyo ta bayan gida: a tara layukan da lambar wayarsu ɗaya ce, a ware waɗanda aka tabbatar mutum ɗaya ne, a duba nawa daga cikinsu ma'aunin suna ya kama shi kaɗai. Waɗanda bai kama ba su ne za su nuna abin da ya rage a ƙara a jadawalin sunaye.

A littafin dillalinmu, abin da zai fito a ƙarshe takarda ce mai layi bibbiyu, kowanne da makinsa da dalilin da ya sa aka fito da shi. Na 014 da 233 za su zo da “suna ɗaya bayan jadawali, waya ɗaya, ƙauye ɗaya”. Na 577 da 912 za su zo da “tazara 1, waya daban”, a kira shi a tambaya ko yana da layin Nijar. Wanda aka tabbatar, ba a goge masa layi, ana ƙara shafi ne a ba layukan biyu lambar mutum guda, ta yadda idan an gano kuskure gobe sai a canza lambar kawai. Na 391 da 402 kuwa a rubuta su a wani jeri na waɗanda aka duba aka ga mutum biyu ne, in ba haka ba duk watan da aka sake gudanar da binciken za su iya sake fitowa a takarda, har ranar da wani sabon yaron shago zai gaji da ganinsu ya haɗe su.